Shafi 22 a falle shida: yadda muka jera littafin walimar sauka don firinta mai buga gaba da baya

Aikin ya zo shagonmu da ke kusa da Titin Bauchi a Jos ranar wata Laraba da hantsi, lokacin da sanyin hunturu bai gama sakin gari ba. Shugaban wata makarantar Islamiyya ne ya kawo shi a fulash, fayil ɗaya na PDF mai shafi 22 a girman A4, yana son a mayar masa da shi ƙaramin littafi mai girman A5 wanda za a ninke a tsakiya a danne da fil biyu, kwafi 150, domin rabawa baƙi a walimar saukar Alƙur'ani ranar Lahadi. Shafi na 1 shi ne bangon gaba. Shafi na 22 kuma, wanda ke ɗauke da hoton makarantar da kalmar godiya, an tsara shi ne ya zama bangon baya. A shafi na 11 da na 12 akwai jadawalin sunayen masu sauka, wanda layukansa suka fara daga shafi ɗaya suka ƙetare zuwa ɗayan, don haka ba ya karantuwa sai an buɗe su suna fuskantar juna. Firintar da muke da ita tana buga gaba da baya da kanta, amma ba ta wuce A4 ba, ba ta ninkewa, ba ta kuma danna fil.

Ba na shago sa'ad da Malam ya iso, na gangara Taminus sayen takarda. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ga abu mai sauƙi ne, ya zaɓi a buga shafi biyu a kowace fuska, gaba da baya, ya fitar da falle shida ya ninke su. Da na dawo na tarar da Malam yana juya abin a hannu yana murmushin da ba na jin daɗi ba. Bangon gaba shafi na 2 ne, bangon baya shafi na 1, in an buɗe kuma shafukan suna tafiya 2, 3, 6, 7, 10, 11. Yaron ya ce da ni, "Oga, wallahi a jere na tura su, ban taɓa komai ba." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne matsalar take: ya tura su a jere, alhali falle da za a ninke a cusa cikin ɗan'uwansa ba ya ɗaukar shafuka a jere.

Lissafin falle da aka ninke

Kafin in koma kan kwamfuta, na ɗauki takardu shida da suka lalace, na ɗora su a kan juna, na ninke su gida biyu, na miƙa wa yaron fensir na ce ya bi su kamar mai karanta littafi yana rubuta lamba a kowane shafi tun daga 1. Ya kai 24 sannan takarda ta ƙare. Daga nan na sa ya warware su ya shimfiɗa a kan tebur. Falle na waje yana ɗauke da 24 a hagu da 1 a dama, bayansa kuma 2 a hagu da 23 a dama. Falle na biyu 22 da 3, bayansa 4 da 21. Haka abin ya yi ta tafiya, lambobin farko suna hawa na ƙarshe suna sauka, har suka haɗu a falle na shida, wanda bayansa ne kaɗai ke da shafuka biyu masu bin juna, wato 12 da 13.

Abu biyu ne suka fito daga wannan shimfiɗa, kuma duk sauran aikin a kansu ya tsaya. Na farko, kowane falle gurbi huɗu ne, biyu a gaba biyu a baya, saboda haka littafin da aka ɗinke a tsakiya ba zai taɓa zama shafi 22 ba. Ko dai 20 ko 24, domin ba a iya sa rabin falle fil ya riƙe shi. Fayil ɗin Malam yana bukatar falle shida, kuma dole gurbi biyu su zauna fari, ko ya so ko bai so ba. Na biyu, duk shafuka biyu da suka zauna a fuska ɗaya, in an tara lambobinsu sai su ba da jimillar shafukan littafin da ƙarin ɗaya. A littafi mai gurbi 24, 24 da 1 sun ba da 25, 2 da 23 sun ba da 25, 12 da 13 ma 25. Wannan ita ce hanyar da nake duba kowane aiki irin wannan da ido kawai, ba tare da na ninke ba: in na ɗaga falle na ga jimillar ta saɓa da ta sauran, na san akwai kuskure a jerin. Akwai kuma wata alama da ke tafiya tare da ita, wato lambobin mara irin su 1 da 3 da 23 kullum a dama suke zama, lambobin cika kuma a hagu, muddin littafin na boko ne da ake buɗewa daga dama a juya zuwa hagu.

A nan Malam ya yi tambayar da ta dace. Ya ce akwai addu'o'i da Larabci a shafuka uku, ko hakan zai canza wani abu. Na ce, "Allah gafarta Malam, a'a, tunda yawancin rubutun boko ne, ɗinkin zai zauna a hagu." Da a ce littafin gaba ɗaya da Larabci ne ko ajami, sai a juya kowace fuska, 1 ya koma hagu 24 ya koma dama, bayansa 23 a hagu 2 a dama. Lissafin bai canza ba, gefen ɗinki ne kawai ya sauya.

Inda fararen shafuka za su zauna

Gwaji na biyu na yi shi ta hanyar da kowa ya fi sani. A Adobe Acrobat Reader, cikin akwatin bugu, akwai zaɓin Booklet, a ƙarƙashinsa Booklet subset da na bari a Both sides, da Binding da na bari a Left. Manhajar ta yi lissafinta daidai, ta ga shafi 22 ba ya rabuwa huɗu-huɗu, ta cike da farare biyu a ƙarshe. Littafin da ya fito yana karantuwa tun daga 1 har 22 babu tsallake, kuma mutane da yawa da a nan za su tsaya su buga kwafi 150.

Malam ya juya bayansa ya ga fari fat. Hoton makarantar da aka shirya don bango ya shige ciki, ya zauna a hagu yana fuskantar shafin da babu komai. Ya buɗe wajen jadawali, sai ya tarar da shafi na 11 a dama, na 12 kuma a bayansa, ta yadda mai neman sunan ɗansa zai ga sunan a nan, sai ya juya takarda kafin ya ga sauran layin. Ba kuskuren manhaja ba ne. Ita ba ta san cewa shafi na 22 bango ba ne, ba ta kuma san 11 da 12 abu ɗaya ne da aka raba biyu ba; ta sa fararen a ƙarshe ne domin nan ne wurin da ba ya motsa lambar kowane shafi. A ganina wannan shi ne ainihin hukuncin da ke cikin aikin jera littafi, kuma mutum ne kawai zai iya yanke shi, domin sai wanda ya san abin da ke rubuce a shafukan ne zai san inda fari ba zai yi ɓarna ba.

Muka koma kan samfurin fensir. Gurbi na 24 dole shafi na 22 ya zauna a ciki. Saura a sami wa farare biyu wuri tsakanin 2 da 23. Na ba da shawarar a sa ɗaya a gurbi na 2, wato cikin bangon gaba, ɗayan a gurbi na 23, cikin bangon baya, kamar yadda aka saba gani a littattafai da yawa. Da aka yi haka, duk shafukan fayil daga 2 zuwa 21 suka matsa gaba da gurbi ɗaya, shafi na 11 ya faɗa gurbi na 12, na 12 ya faɗa gurbi na 13. Jadawalin ya zauna a tsakiyar littafi cif, a fuska ɗaya ta falle ɗaya, inda layukansa ba za su kauce wa juna ba ko da ninkin ya ɗan karkace. Wannan dace ne muka yi, ba dabara ba. Da jadawalin yana shafi na 10 da na 11, da matsawar ta raba su, kuma da sai mu bar gurbi na 2 yadda yake mu kai fararen biyu wani wuri bayan jadawalin. Abin da ake dubawa shi ne, shafuka biyu suna fuskantar juna ne kawai idan na farkonsu ya faɗa gurbin cika.

Matsawar ta jawo wani ƙaramin gyara. Lambobin da aka buga a ƙasan shafuka sun fara ne daga bango, don haka shafin da aka rubuta wa 2 yanzu ya koma dama, inda ido ya saba ganin mara. Malam ya kira sakataren makarantar, wanda ainihin fayil ɗin Word ke kwamfutarsa, ya sa lamba ta fara daga shafi na biyu a matsayin 1, ya cire ta daga bangaye, ya sake fitar da PDF ya turo. Na dage a kan cewa shi zai fitar da PDF ɗin a can, domin fayil ɗin Word da aka buɗe a kwamfutar da ba ta da irin haruffan da aka rubuta shi da su yakan zame, layi ya ƙaru, shafi 22 ya zama 23, ƙ da ɗ da ɓ kuma su fito da wata siffa dabam, duk lissafinmu ya rushe.

Jerin da aka rubuta da hannu

Da yake yanzu na san abin da nake so a kowane gurbi, na rubuta jerin da kaina maimakon in bar wa manhaja. Ina amfani da pdfjam, wani shirin kwamfuta na jera shafukan PDF da ake ba shi umarni a rubuce, wanda ke zuwa cikin TeX Live, domin yana karɓar shafuka a duk jerin da aka ba shi, kuma alamar {} a wurinsa farin shafi ce. Lambobin da ke cikin umarnin lambobin shafukan fayil ne, ba na gurbi ba:

```
pdfjam --nup 2x1 --landscape --paper a4paper shiri.pdf \
 '22,1,{},{},21,2,3,20,19,4,5,18,17,6,7,16,15,8,9,14,13,10,11,12' \
 --outfile littafi.pdf
```

Kowane lambobi biyu fuska ɗaya ce, kowane huɗu falle ɗaya. Na bi su da ido: 22 da 1, 21 da 2, 3 da 20, har 11 da 12, kowanne ya ba da 23. Jimillar ta sauka daga 25 zuwa 23 ne domin yanzu shafukan fayil ake ƙirgawa, su kuwa 22 ne. Abin da ake nema shi ne ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Sabon fayil ya fito da fuska 12 a kwance, kowacce da ƙananan shafuka biyu gefe da gefe, fuska ta biyu kuma fara ce gaba ɗaya, tunda fararen biyu duk a bayan bango suka haɗu.

Na kai fayil ɗin kwamfutar shago na ce wa yaron ya buga kwafi ɗaya. Abin da ya fara fitowa shafuka huɗu ne ƙanana a kowace fuska, rubutu kamar ƙafar kiyashi, domin zaɓin Booklet na gwajin baya yana nan a kunne, ya ɗauki fayil ɗin da aka riga aka jera ya sake jera shi. Wannan kuskure yana da saurin ganewa tun a hoton gwaji da ke gefen akwatin bugu, kuma maganinsa a tabbatar wuri ɗaya ne kawai ke yin jerin, ko dai fayil, ko manhajar karatu, ko saitin firinta, domin wasu firintocin ma suna da nasu Booklet ɗin a cikin Properties. Muka koma Size, muka zaɓi Actual size.

Gefen da takarda ke juyawa

Sai batun juyi. A ƙarƙashin Print on both sides of paper akwai zaɓi biyu, Flip on long edge da Flip on short edge, kuma na farkon ne aka saba bari, domin shi ya dace da takardar da ke tsaye, wadda ake juyawa ta dogon gefenta kamar shafin littafi. Fallen namu kuwa a kwance yake. In mutum ya riƙe shi a kwance ya juya shi daga dama zuwa hagu, gajeren gefe ne ya zama kamar ƙyauren da yake juyawa a kai. Saboda haka Flip on short edge muke bukata. In aka bar shi a dogon gefe, gaban kowane falle zai fito lafiya, bayan kuma ya fito a kife, kai a ƙasa, sannan hagu da dama su musanya wuri, ta yadda in an buɗe shafi na 2 aka juya, maimakon 3 sai a ga 20 yana tsaye da ka. Duk lokacin da na ga rabin shafukan littafi a kife, ba na taɓa jerin lambobi, wannan zaɓin kawai nake zuwa in sauya. Sai dai akwai inda ake yin akasin haka: wasu manhajojin, irin su pdfbook2, sukan kife bayan kowane falle da kansu tun a cikin fayil domin a buga da dogon gefe, don haka yana da kyau a buɗe fayil a duba ko fuska ta huɗu tana tsaye daidai da ta uku kafin a zaɓa. Namu duk a tsaye suke, muka zaɓi gajeren gefe.

Abin da ya fito daga wannan bugun ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ya sa na ga ya kamata in rubuta lamarin. Babu shafin da ke kife, bangon gaba daidai, bangon baya daidai, kowace fuska jimillarta 23. Amma da aka ninke aka buɗe, cikin bangon gaba shafi na 21 ne, na gaba da shi 20, sannan 19, 18, littafin yana tafiya da baya har 12, sai farare biyu a tsakiya, sai 11, 10, har ya sauko 2 a cikin bangon baya. Na fara zargin jerin da na rubuta, na sake ƙirga shi sau biyu, ban sami komai ba. Na yi zaton firintar tana fitar da takardu daga ƙarshe zuwa farko ne, na sake shirya fallayen, abin bai gyaru ba, domin matsalar ba a tsarin fallaye take ba, tana cikin abin da aka haɗa a gaba da bayan kowane falle.

Fararen da suka koma tsakiya ne suka tona asirin. A fayil, farar fuska ita ce ta biyu. A takarda ta zama ta ƙarshe. Ke nan an tsallake ta, sauran fuskoki 10 suka matso sama da mataki ɗaya, abin da ya kamata ya zama gaban falle na biyu ya hau bayan bango, abin da ya kamata ya zama baya ya koma gaba, har zuwa ƙarshe inda fuska ɗaya ta rasa abokiya. Na shiga saitin firinta na tarar da Skip Blank Pages a kunne. Ni da kaina na kunna shi watanni da suka wuce domin ayyukan ɗalibai da ke zuwa da fararen shafuka suna cin mana takarda, na kuma manta. A bugun yau da kullum ba ya cutar da kowa. A littafin da aka jera kuwa, farar fuska wuri take riƙewa, in aka cire ta duk abin da ke bayanta ya sauya mazauni. Ya kamata a lura cewa duba jimilla ba ya kama wannan kuskuren, tunda kowace fuska a karan kanta daidai take. Abin da ke kama shi shi ne a ɗaga falle a duba cewa shafin da ke bayan na dama shi ne mai bi masa, wato bayan 2 a ga 3, bayan 4 a ga 5.

Zan iya kashe saitin in ci gaba, amma kuskuren ya nuna mini hanyar da ta fi. Tunda bayan bango fari ne gaba ɗaya, babu dalilin da zai sa ya bi ta hanyar juya takarda a cikin injin. Muka raba aikin biyu: fayil ɗin bango mai '22,1' kaɗai, a buga shi fuska ɗaya a kan kati mai nauyin giram 160 ta ƙaramin tiren gefe, da fayil ɗin ciki mai shafi 2 zuwa 21, shafi 20 cif, falle biyar, babu fari ko ɗaya a ciki. Wanda ba shi da pdfjam zai iya samun wannan cikin ta hanyar rubuta 2-21 a gurbin Pages sannan ya zaɓi Booklet, jerin da zai fito ɗaya ne. Malam ya ji daɗin kati, littafin ya yi kama da na maɗaba'a. Saitin ma na kashe shi duk da haka.

Girma da layin tsakiya

Shafin A4 milimita 210 ne a 297, na A5 kuma 148 a 210, don haka in aka matse A4 ya shiga rabin falle yana raguwa zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari. Rubutu mai girma 12 yakan koma wajen 8 da rabi, wanda ya yi wa dattawan da za su zo walima ƙanƙanta. Mun tsira ne saboda sakataren ya rubuta da 14, ya sauko kusan 10, na miƙa wa Malam falle ɗaya ya karanta ba tare da tabarau ba ya ce ya yi. Da 12 ne, da sai an sake tsara rubutun a A5 tun daga tushe, yawan shafuka ya canza, a koma kan fensir.

Na auna layin ninki da rula, domin rabin 297 shi ne 148 da rabi, kuma a nan ya kamata tsakiyar shafuka biyu ta faɗa. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da Letter a matsayin girman takarda, mai milimita 216 a 279, kuma in aka bar shi haka alhali A4 ke cikin tire, bugun yakan zame gefe ɗaya, gaba ya zame ta nan baya ya zame ta can, shafi ɗaya ya matsu da ɗinki ɗayan ya yi nesa. Namu yana A4. Na ɗaga falle a hasken ƙofa na ga gaba da baya sun kauce wa juna da wajen milimita ɗaya, abin da ƙananan firintoci ba sa rabuwa da shi, kuma tazarar gefen rubutu ta isa ta haɗiye shi.

Bugu, ninki da ɗinki

Falle biyar sau 150 ya kama falle 750, rim ɗaya da rabi na takarda mai giram 80, ban da kati 150. Na kunna Collate domin kowane kwafi ya fito da fallayensa biyar a tare, na kuma tura aikin kwafi goma-goma, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, falle hamsin ya fi sauƙin bincike a kan ɗari bakwai da hamsin. A busasshiyar iskar hunturu takardu sukan manne wa juna, injin ya ja biyu a tare, don haka muna kaɗa kowane rim kafin mu zuba. Duk da haka sau biyu ya faru, kuma alamarsa ita ce falle mai fuska ɗaya fari a cikin tari; waɗannan kwafin muka cire muka sake buga su ɗungurungum.

Mun ninke kowane kwafi fallayensa biyar a tare, muka murje ninkin da gefen rula. Katin kuwa sai da muka ja masa layi a tsakiya da bayan wuƙa kafin ninkewa, in ba haka ba yakan tsage ta waje, tawada ta fashe a kan ninkin. Sitefular ofis ba ta kai milimita 148 daga bakin takarda, don haka na aro mai dogon hannu wurin maƙwabcina, muka saita ta sau ɗaya muka danna fil biyu a kowane littafi, kowanne wajen santimita biyar daga sama da ƙasa. Ana dannawa ne daga waje, bango yana sama, domin ƙafafun fil su lanƙwashe a ciki, tsakanin ɓangarorin jadawalin nan, inda ba za su karci hannu ba.

Da aka rufe littafin, fallayen ciki sun ɗan leƙo waje fiye da bango. Dalili kuwa kowane falle yana zagaye kaurin waɗanda ke cikinsa, takarda mai giram 80 kuma kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, don haka a falle shida leƙowar ba ta wuce rabin milimita da ɗan wani abu ba. Muka daidaita bakin a injin yanka, muka cire milimita biyu, babu rubutun da ya taɓu. Da littafin falle 15 ne, wato shafi 60, da leƙowar ta kai milimita ɗaya da rabi, shafukan tsakiya su fi na waje asarar gefe in an yanke, littafin kuma ya riƙa buɗe baki ba ya kwanciya; a irin wannan nakan raba shi ƙananan ɗauri ne, kowanne da nasa lissafin, a haɗa su daga baya.

Mun gama ranar Juma'a bayan la'asar. Malam ya zaro kwafi uku daga wurare dabam-dabam a cikin kwali, ya buɗe tsakiya ya bi layin wani ɗalibi da yatsa daga hagu har dama, ya juya ya dubi hoton makarantar a bangon baya, sannan ya tambaya ko za a iya ƙara shafi ɗaya na sunayen iyayen ƙungiya da aka manta. Na ce masa akwai gurbi biyu farare a cikin bango, amma sai an cire fil 300 an sake bi da kati ta injin. Ya yi shiru kaɗan, ya ce za a karanta sunayen a lasifika.